Mil Nawa Ne a Ciki?

Ni zabiya ce, mai farar fata, kuma a Mawashi ta ƙasar Kusada aka haife ni. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk ranar kasuwa nakan hau mota in kai Kankia. Rana ba ta taɓa raga mini ba. In na wuni a kasuwa sai in dawo wuyana da bayan hannuwana sun yi jajur kamar an watsa mini ruwan zafi.

Da wani ƙurji ya fito mini a gefen kunne ya ƙi warkewa, maigidana ya kai ni asibiti. Aka yi mini magani, sannan likitan ya ce lallai in riƙa shafa man kariya daga rana, wanda aka rubuta lambar kariya hamsin a jikinsa. Ya ce in shafa da yawa, kada in yi masa shafar rowa, kuma in sake bayan kamar awa biyu muddin ina waje ina gumi.

Akwai wani kyamis kusa da kasuwa da ke sayar da shi. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, kowa Alhaji yake ce masa. Ranar farko ya dube ni, ya dubi bokitin ƙuli-ƙulina, ya miƙo wani kwali mai kyau.

"Ga mai sauƙi, Malama. Dubu ukku. Shi ne daidai ke."

Na ji daɗi har na yi masa godiya. Kwalin ya cika hannu, amma da na buɗe a gida sai na ga 'yar roba ce a ciki, kamar ta man goge baki. Ba ta daɗe ba ta ƙare. Na sayi wata, ita ma haka. Sai na fara tsimi, ina ɗiga ɗan kaɗan ina ja har wuya, wanda kuma shi ne abin da likita ya hana. Fatar ta ci gaba da ƙonewa, kuɗin na tafiya.

Wata rana na sa reza na tsaga robar don in kwaso abin da ya maƙale. Ina kallon cikinta raina ya ɓaci. Ni da nake sayar da mai, na san wanda ya sayi ƙaramar kwalba ya fi mai sayen galan biyan tsada. Amma ni kwalbata kowa na ganin cikinta. Wannan kuwa an saka ta a kwali, an rubuta yawanta da wasu mitsitsin haruffa da ko mai lafiyar ido sai ya ƙanƙance, balle irinmu da ba mu gani sosai. Na ɗauki hoton bayanta da waya, na buɗa hoton da yatsu. Mil hamsin, wato mililita, ma'aunin yawan man.

Ranar kasuwa na koma. Alhaji na hango ni ya sa hannu ya ɗauko kwalin da ya saba.

"Aje shi tukuna, Alhaji. Waccan babbar ta sama nake son gani."

"Waccan dubu takwas ce fa. Matan ma'aikata ke sayenta."

"Ban ce zan saya ba. Gani zan yi."

Ya sauko da ita yana murmushi. Na juya bayanta na ɗauki hoto. Wasu mata biyu da ke jiran magani suka fara dariya ƙasa-ƙasa, ɗaya ta ce ko hoton zan riƙa shafawa. Ban ko waiwaya ba. Kamfani ɗaya, lambar kariya ɗaya, amma wannan mil ɗari biyu ce. Na buɗe kalkuleta na raba kuɗi da yawan mil. Ƙaramar, dubu uku a raba da hamsin, kowane mil naira sittin. Babbar, dubu takwas a raba da ɗari biyu, naira arba'in. Wato in na sayi ƙanana huɗu don su kai babbar, dubu goma sha biyu zan biya.

"Alhaji, ashe mai sauƙin nan shi ne mai tsada."

"To ai ba ni na yanka farashi ba, Malama. Haka kamfani ke kawowa. Kowa da ƙarfinshi."

"Gaskiya ne. Amma kada a ƙara ce mini shi ne daidai ni."

Kuɗin da ke hannuna ba su kai ba. Ya ce in ɗauki ƙaramar in rage zafi, in Allah ya hore in dawo. Na ce a'a. Na ɗauki bokitina na fita hannu wofi.

Maigidana bai ji daɗi ba ko kaɗan. Bazara ce, zafi ya kai maƙura.

"Ke yanzu don taurin kai za ki bar jikinki a rana? Da kin ɗauko ƙaramar."

"Malam, in na ɗauko ƙaramar yau, kuɗin babbar ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka za mu yi ta yi har abada."

"In ƙurjin ya dawo fa?"

Ni ma ina tsoron haka. Abin da na yi shi ne na fasa zuwa kasuwar da ta biyo baya. Maƙwabciyata ta tafi mini da man gyaɗan. Ni kuwa na zauna a ɗaki, ba na fita tsakar gida da rana tsaka sai da malafa a kan mayafi da riga mai dogon hannu. Suya ma sai da sassafe a ƙarƙashin rumfa. Na sayar da kaji biyu daga cikin nawa. Maigida ya yi kwanaki yana gunaguni, amma ranar da zan tafi shi ya ba ni kuɗin mota ba tare da na tambaya ba.

Da na isa shagon, kafin in biya kuɗin babbar na ɗauki hoton ranar da man zai lalace, domin arha ba ta da amfani in zai mutu kafin in ƙarar. Da saura sosai. Na zo da shi gida na ajiye a lungun ɗaki mai sanyi, na riƙa shafawa yadda aka ce, fuska da wuya da kunnuwa da hannaye, ba ƙyashi. Jan ya lafa.

Bayan wasu watanni na je sayen babbar karo na uku, Alhaji ya sauko da ita tun ban yi magana ba. Kala ɗaya, tsawo ɗaya, farashi ɗaya. Amma da na riƙe ta sai na ji ta ɗan rame a hannuna. Na ɗauki hoto. Mil ɗari da hamsin.

"Alhaji, an rage ta."

"Haba dai!" Ya karɓa ya sa tabarau ya duba. Sannan ya ce, "Wallahi ni ma ban lura ba."

Na yarda da shi. Na raba, mil ɗaya ya haura naira hamsin da uku. Na ce ya fito mini da duk masu lamba hamsin da yake da su. Layi ya taru a bayana, wani mutum ya yi tsaki ya ce ana sauri. Na ce masa ya yi haƙuri, ba zan biya ba sai na gama dubawa. A ciki akwai wata matsakaiciya ta wani kamfanin, mai lambar rajista, mil ɗari a dubu huɗu da ɗari biyar. Naira arba'in da biyar ke nan. Ita na ɗauka, na bar masa babbar a kan kanta.

Da sauran kuɗin na sayi gyaɗa, na tsaya a inuwar tasha na shafa man kafin motar Kusada ta cika.