Ruwan Soda a Idon 'Yata

Rainon ɗa a boko wahala ne, balle in kai ba ka yi bokon ba. Ni facin taya nake yi a bakin titin Samaru, gidana kuma a Sabon Gari. Kullum da safe ina goya 'yata ta fari a babur in sauke ta a sakandare, in wuce rumfata da ke kusa da makarantar. Takarda kam ba ta yankewa daga makarantar nan, yau ta wannan gobe ta wancan.

Wata rana ta kawo wadda Malamar kemistiri ta rubuta wa iyaye. Da Turanci ce, don haka yarinyar ta karanta tana juya mini. Malama ta ce duk ɗalibin da zai shiga ɗakin gwaji sai da tabarau na roba mai rufe ido ta ko'ina, na rana ko na magani ba ya yi, don fallatsa ta gefe take shiga. Ba a cire shi sai an gama wanke kwalabe. Ba ci, ba sha, ba ɗanɗanawa, gashi da ɗankwali a ɗaure kusa da wuta. Ta ce ruwan soda, irin ta haɗa sabulu, ya fi asid ɓarna a ido, don shi ci yake yi yana nitsawa ciki. In abu ya shiga ido, ruwa mai tsabta kawai, da yawa, a daɗe ana zubawa. Kada a murza, kada a ɗiga komai.

Na saya mata tabaraun a kasuwa. Ƙannenta suka yi ta tsokanarta wai ta zama kwaɗo.

Lokacin zafi abin ya faru. Ina kan tayar wata tifa mai gadin makarantar ya zo da gudu ya ce in taho, 'yata ce, ido. Ban ma ajiye ƙarfen hannuna ba sai a ƙofar ajin.

Na tarar da ita kanta a karkace kan kwatamin wanke hannu. Malama ta ware mata fatar idon hagu da yatsu, wani malami yana tsiyaya ruwa daga jarka ta wajen hanci, yana gangarowa gefen kunne don kada ya taɓa ɗaya idon. Ba ruwan famfo ranar, amma Malama ba ta fara gwaji sai da jarkokinta cike. Ashe gumi ne ya sa tabaraun ya yi hazo, yarinyar ta ɗaga shi goshi don ta ga aikinta. A daidai nan kwalbar da na gefenta yake dumamawa ta tofar da ruwan soda.

Idon ja wur. Tana kuka tana kiran Baba.

Abin da na sani shi ne, mai ciwo a ruga da shi asibiti. Na kama hannunta zan ja, na ce a aiki wani ya samo madara a ɗiga mata, haka muke yi in walda ta kama ido. Malama ba ta ko ɗago kai ba.

"Baba, sake ta. In ka ɗauke ta yanzu, sodar za ta ci idon kafin ku kai asibitin Shika. Ba madara. Karɓi jarkar nan, hannun Malam ya gaji."

Na karɓa. Na shiga tsiyaya mata ruwan. Yarinyar na ta son rufe idon, Malama na cewa ta juya ƙwayar sama, ƙasa, gefe. Ni ina zubawa ina lissafin yadda mutum zai yi karatu da ido ɗaya, da yadda zan gaya wa uwarta. Jarka ta ƙare aka miƙo wata. Ban taɓa ganin lokaci ya ƙi tafiya haka ba.

A motar makaranta ma ba a daina ba, ni da gorar ruwa, Malama riƙe da fatar idon. A asibiti suka ci gaba da wankewa, likita na taɓa wata 'yar takarda a gefen idon yana duba launinta, har ya ce sodar ta fita. Ya ɗiga wani ruwa mai launi ya haska fitila. Ya ce saman ƙwayar ya ƙone, amma da alama bai nitsa ba, wankewar nan da wuri ta taimaka. Na tambaye shi za ta gani? Ya ba mu magungunan ɗigawa, ya ce mu dawo gobe, ba zai yi mini alkawari yau ba.

Abinci bai shiga cikina ba ranar.

Da gari ya waye na fito da ita tsakar gida, na sa ta rufe ido mai lafiya da tafin hannu, na tsaya nesa kaɗan. Idon mai ciwo na zubar da hawaye, da ƙyar ta buɗe shi. Ta ƙura mini ido.

"Ina ganinka, Baba. Dishi-dishi. Ai ka sa rigarka a bai-bai."

Na juya rigar. Ban buɗe rumfa ba. Na goya ta muka kama hanyar asibiti, a hankali, ina kauce wa kowane rami.