Tabarmar Habsu a Ƙofar Ofishin Noma

Habsu mai ƙosai a tashar Gure ba ta mantuwa, kuma yafiya tana yi mata wuya. Da kaskon nan ta kai ɗiyarta Bintu jami'a, har ta fito da digirin aikin gona.

Da lokacin rajistar hidimar ƙasa ya zo, Bintu ta kai takardunta shagon baffanta Mainasara mai buga takardu, mutumin da kullum yake cewa karatun mace iyakarsa biro da fanka. Wajen buga tarihin karatunta ya cire aikin gona ya sa sakatariya, da gangan. Bintu ta yarda da baffa, ba ta duba ba. A Yamai masu tantancewa suka ga bayanin bai dace da digirin ba, suka maido takardun. Kafin a gyara an rufe karɓa, shekara guda ta tafi a banza.

"Ai gata na yi mata, Habsu. Mace a cikin rana?" in ji Mainasara.

Da aka sake buɗewa, Habsu da kanta ta tsaya a kan wani mai bugawa, harafi bayan harafi. Aka turo Bintu ofishin noma na Gure.

Mainasara kuwa yana da garka a Gidigir. Ranar rabon iri ga manoma Habsu ta bar kasko, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ofis, tana kallonsa a layi, rana na dukansa.

"Mainasara, ka riƙe layinka!" ta ɗaga murya. "Sakatariyarka tana ciki, in ta ga dama za ta kira ka."