Silaid na Goma Sha Huɗu

A makarantar horar da ma'aikatan lafiya babu mai kiranta da sunanta na yanka, Anti Waƙafi kowa ke cewa, saboda ko waƙafi ɗaya ba ya ɓacewa a hannunta. Shekara ashirin da takwas tana buga takardu a ɗan ofishin nan na ƙarƙashin bene, mai taga ɗaya da fankar da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da tafireta ta fara, ta raini 'ya'ya uku da ita bayan rasuwar mijinta. Da kwamfuta ta zo, an ɗauka za ta ajiye aiki, sai ga ta tana koya wa malamai inda ake latsawa. Alfaharinta ɗaya ne a duniya: ba ta taɓa sa wa wani magana a baki ba.

Wata Litinin likitan da ke koyar da kula da jarirai ya dire mata maƙala mai shafi goma sha biyu, ya ce ta yanka masa ita silaid-silaid, zai haska a majigi. Sharaɗinsa biyu: kowane silaid magana ɗaya tak, kuma kada a taɓa kalmomin marubucin sai dai a rage abin da ya yi yawa. To wa aka gaya wa! Ta bi maƙalar sakin layi bayan sakin layi, ta ɗora wa kowane kanun magana, ta zubar da su "bugu da ƙari" da "kamar yadda muka ambata", ta fitar da silaid talatin da biyu tsaf.

A shafi na biyar akwai wani sakin layi mai ɗauke da magana biyu. Ta farko, yadda ake ba yaro maganin zazzaɓi a gida. Ta biyu, cewa wannan bai shafi jaririn da bai kai wata biyu ba, shi asibiti za a garzaya da shi nan take. Magana biyu, silaid biyu. Ta sa ta farko a na goma sha huɗu, ta biyu a na goma sha biyar. Likita ya duba ya yaba, ya koyar da su a jere, aka tafa masa.

Bayan sati uku, ranar Asabar da hantsi, ta je duba jikanta na fari, ɗan kwana ashirin. Ta tarar da surukarta zaune a bakin gado, jariri a cinya yana numfashi sama-sama, kwalbar magani a buɗe, tana auna shi a ɗan sirinji tana leƙa waya. Anti Waƙafi ta taɓa goshin yaron, zafi rau. Yarinyar ta ce kada Mama ta damu, tun jiya ne, kuma ga bayanin likitoci nan an turo musu a gurup ɗin masu jego na waya, ba sai an je layin asibiti ba. Ta miƙa mata wayar.

Hoton silaid ne da wani ɗalibi ya ɗauka daga bayan aji, a karkace, har da ƙeyar wani. Shuɗin layin nan na sama, nata ne. Kanun maganar, ita ta rubuta. A kusurwa ga lamba 14.

Ta ɗago ta dubi surukarta.

"Ina na bayansa?"

"Wane na bayansa, Mama? Shi kenan aka turo."

Anti Waƙafi ta fizge sirinjin, ta ce a ɗauko mayafi. A asibiti ma'aikaciyar jinya na jin kwanakin yaron da zafin jikinsa ta tsallake da su layi, aka ba shi gado. Likitan yara ya ce ciwo ne ya shiga jini, da an danne zazzaɓin an ƙara kwana a gida, da labarin ya sha bamban.

Anti Waƙafi ta zauna a bencin baranda. Babu kalmar da ta canza, wallahi ko ɗaya. A takarda maganganun biyu maƙwabta ne, ido ba ya karanta ɗaya ya bar ɗaya. Ita ce ta raba su da hannunta, ta manta cewa silaid na iya fita daga aji shi kaɗai. Tun daga ranar, duk inda ta ga "sai dai" ko "ban da" a maƙala, tana liƙa shi a silaid ɗaya da abin da ya togace, ko da rubutun zai cushe, ko da mai aikin zai yi ƙorafi.

Amma wannan daga baya ne. A kan bencin nan, abin da ta iya kawai shi ne ta juya ta tambayi surukarta su nawa ne a gurup ɗin.

Yarinyar ta duba waya.

"Mu ɗari biyu da sha ɗaya ne, Mama. Ni ma na tura wa ƙawayena."