Shirun Kawu

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin yankan fim a Kano, na kawuna ne. An ɗauke shi a Guri, zaune a inuwar tsamiya, yana bayanin yadda ake shuka shinkafa kafin ruwan kogi ya hau fadama. Ya yi minti goma sha biyu, mu kuwa biyar ake so, don majigin da zai zaga ƙasar Haɗeja.

Kawu mai magana ne a hankali. Yakan ce "to", ya dubi ƙasa, sai can ya ci gaba. Na tsorata kada yaran Haɗeja su yi masa dariya. Na bi kowane shiru da kowane "e to", na sa alama da fensir, na yanke hoto da sauti tsawo ɗaya don kada baki ya saɓa da murya. Guntayen fim ɗin da na yanke na rataye su a ƙusoshi.

Malam, dattijon da ke koya mini aikin, ya kalla har ƙarshe. Kan Kawu sai zabura yake a kowane yanka, maganar ba numfashi.

"'Yar nan, kawun naki kura ce ta biyo shi?"

"Malam, ai minti biyar aka ce."

"Minti biyar na mutum aka ce, ba na ɗan tallan magani ba."

Kwana uku muna gyara. Muka cire labari guda da Kawu ya maimaita, nan muka sami lokaci. Ya nuna mini in rage shiru ba in kashe shi ba, in bar jan numfashin da ke gaban jimla. Inda ya zama dole a yi gibi, muka sa sautin wurin, kukan kurciya da iska a ganye. Inda kai ya zabura, muka rufe da hoton kwalekwale, murya tana tafiya a ƙarƙashi.

Sai ya ciro wani guntun shiru mai tsawo daga ƙusa.

"Wannan fa? Me ya faɗa kafinsa?"

Na ce masa Kawu mahaifinsa ya ambata, ya ce Allah ya ji ƙansa.

"To wa zai ce amin? Wuri ya bar wa masu kallo. Kin cire, amin ɗinsu za ta danne maganar iri, ita ce kuwa aka zo ji."

Na mayar da shi duka.

Ranar da aka haska shi a Haɗeja bayan magariba, ina cikin mata. Kawu na jikin farin ƙyalle ya yi addu'arsa, ya sunkuyar da kai. Filin gaba ɗaya ya ce amin. Ta lafa, sannan ya ɗago ya faɗi irin da ke jure ruwa, kowa ya ji.

Washegari Kawu, wanda shi ma ya zo kallon, ya ce mini, "Ashe ba ku taɓa komai ba."

Da na koma Kano na kai wa Malam busasshen kifi, na gaya masa abin da Kawu ya ce. Allah ya saka wa Malam da alheri.