Ranar da Haruna Mahauci Bai Miƙo Benci Ba

Damaris mai abinci ta unguwar Television ba ta yi nisa a boko ba, amma shekara goma sha wani abu da ta yi tana zuba wa leburorin masaƙa tuwo da farfesu sun koya mata karatun jikin mutum. Takan ce baki yana iya ƙarya, ƙafa ba ta iyawa. In kana hira da mutum ka ga yatsun ƙafarsa sun juya wajen ƙofa, to ya riga ya tafi, gangar jikinsa ce kawai a gabanka. Ni maƙwabcinta ne, mai dogon surutu, na sha jin ta ce mini, “Benson, saki mutumin nan, tun ɗazu yake taɓa makullin mashin ɗinsa.”

Namanta kuwa wurin Haruna take saye, wani mahauci a wata ƴar kasuwa ta Kakuri. Haruna ba ya yanka sai an gaisa. Zai turo benci da ƙafa, ya tambayi maigida, ya tambayi ɗanta Derrick, ya zolaye ta cewa miyarta ruwa ce zalla.

A farkon shekarar dubu biyu, ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba, gari ya fara tsami kan batun shari'a. Wata safiya Damaris ta tafi sayen nama tare da ƙawarta Ogechi, mai sayar da atamfa, wadda ba ta barin ko-ta-kwana.

“Malam Haruna, ina kwana?”

“Lafiya,” ya ce.

Iyakar gaisuwar ke nan. Bai tambayi kowa ba, benci yana jingine bai taɓa shi ba. Ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya wajenta, idonsa na tsallake kanta zuwa wata rumfa inda samari suka yi cincirindo ba ciniki. Ta ce tana son haƙarƙari, ya ce “To.” Ta tambayi jikin uwargida, ya ce “Da sauƙi.” Kafin ta zaɓa ya ƙunshe abin da hannunsa ya kai, ya tura mata.

“A gaida gida,” ya ce, alhali ko minti biyu ba su yi ba.

Damaris ta dube shi da kyau. Ta san alamar tana gaya maka mutum yana so ka tafi, ba ta gaya maka dalili. Dalilin sai ka auna da halinsa na kullum. Mai jin haushinka yakan ɗaure fuska ya kalle ka. Haruna kuwa gumi yake yi da sassafe, kuma ba su yake kallo ba.

“Ogechi, mu je,” ta ce a hankali.

“Mu je ina? Ki ga wulaƙanci! Ƙashi ya ba ki. Oga, buɗe mu gani, mu ba kastoma ba ne?”

“To,” Haruna ya ce, ya shiga goge teburin da babu komai a kansa.

Damaris ta ja zanen Ogechi, ita kuwa ta fizge. Muryarta ta hau sama, ta cakuɗa Hausa da Turancin kasuwa, har samarin suka juyo. Ɗaya ya zaro gora mai ƙusoshi daga ƙarƙashin rumfa. Har yau in na tuna taurin kan matar nan raina ɓaci yake, ko da yake na san ba mugunta ba ce, ta ɗauka raini ne.

Da Haruna ya ga duk abin da jiki zai faɗa ya faɗa ba a ji ba, sai ya buɗe baki.

“Maman Derrick, ku bi ta bayan injin niƙa. Yanzu. Kashe ku za su yi.”

Kowa ya ji. Suka ruga, jifa na bin su. Dutse ya fasa wa Ogechi ƙeya, jini ya wanke mata riga, Damaris ta ja ta cikin kwata. Da ta waiga sai ta ga Haruna ya kifar da teburinsa ya tare lungun. Gorar farko a kafaɗa ta same shi, ta biyu a baki. Ana ihun munafuki, aka rufe shi da duka har ta daina ganin hularsa.

Kwanakin da suka biyo baya gari ya ci wuta, kuma namu samarin Kirista ma sun yi abin da ba na son faɗa. Damaris ta kwashe tukwanenta ta koma unguwar Romi. Sai bayan wata biyu ta sami labarin Haruna ya rayu, hannun dama ya shanye, haƙoran gaba babu. Ta dafa farfesu ta je har gidansa, Ogechi na biye da ita kai a sunkuye.

Yana kwance a zaure. Ogechi ta durƙusa tana kuka, tana cewa ba ta gane ba.

Haruna ya dube ta, ya yi magana da ƙyar.

“Madam, shekara nawa kina zuwa teburina? Kin taɓa ganin na bar mace a tsaye?”