Jarkokin Fetur a Mangazar Aya

Shekarata ta uku ke nan ina aiki a buron dillancin inshora a Maraɗi lokacin da wani aminin mahaifina ya zo mana. Attajiri ne a garinmu Gazawa, yana sayen aya da wake da kaka, ya ajiye a mangaza, babban ɗakin ajiyarsa, har sai mutanen Katsina sun zo nema. Tun ina ƙarama nake ce masa Baba. Inshorar gobara yake so ya yi wa mangazar, saboda a bara ya ga ta wani abokinsa ta ƙone ƙurmus a Aguie.

Takardar yarjejeniyar da kamfani ya aiko tana da shafi kusan ashirin, da Faransanci, ga ƙananan rubutu. Baba bai yi lakol ba, wato makarantar boko, amma yana karanta Hausar boko, ya koya a ajin yaƙi da jahilci. Shugabana ya ce in rubuta wa Baba wasiƙa in taƙaita abin da ke ciki. Na yi shafi ɗaya. Na sa kai guda, "Sharuɗɗa", na jero komai a ƙarƙashinsa: ban da fetur, ban da ɓarnar ƙwari, ban da ambaliya, a sanar da mu cikin kwana biyar na aiki in wani abu ya faru. A lokacin na ji daɗin wasiƙar. Gajera ce, kuma babu ƙarya a cikinta.

Bayan kamar wata biyu na je gida suna, na biya mangazar in gaishe da Baba. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofa ana auna masa aya. Ya ce in shiga in ga albarkar bana. Ina shiga na ji wani wari da ba na aya ba. A kusurwa, bayan buhunan wake, ga jarkoki sun fi ashirin an lulluɓe su da tamfol.

Na ce, "Baba, waɗannan fa?"

"Na ƙanena ne. Daga ƙetare yake kawowa, ba shi da wurin ajiya."

"Ai na rubuta maka ban da fetur."

"Na gani, ɗiyata. Ban da fetur, ban da ƙwari. In wuta ta ci, ba za ku biya fetur ɗin ba. Shi ma na gaya masa, ya ce ya yarda."

Yadda na rubuta, haka ya karanta. Na ajiye fetur kusa da ƙwari a layi ɗaya, da kalma ɗaya, alhali a yarjejeniyar ba abu ɗaya ba ne. Ɓarnar ƙwari abu ne da aka cire, ba a biyansa, sauran inshorar tana nan. Maganar fetur kuwa alƙawari ne da aka sa ya ɗauka cewa ba za a ajiye shi a ginin ba, kuma a kan haka kamfani ya karɓi mangazar. Wato duk tsawon kwanakin da jarkokin nan suka yi a ciki, ayarsa da wakensa kusan a sarari suke, ba inshora.

Na yi masa bayani a tsaye. Ya saurara, sannan ya ce, "Baki ba ya zama shaida. Ƙanena ba zai ji daga gare ni ba. Koma ki rubuto, da hatimin buronku."

Ranar Litinin na faɗa wa shugabana abin da na gani. Bai yi faɗa ba. Ya karanta wasiƙata ta farko, ya miƙo mini, ya ce, "Kin fassara kalmomin, ba ki faɗa masa abin da zai rasa ba." Kwana biyu na yi a kan ta biyun. Wahalar ita ce Hausa ta ba ni "sharaɗi", kuma sharaɗi yana ɗaukar abu uku daban-daban. Kalmar garanti ma na guje ta, domin a wurinmu abin da kamfani ya ɗauka zai biya take nufi. Daga ƙarshe na raba su uku, kowane na ce wa zai yi mene, kuma me zai biyo baya. Har yanzu ina da kwafinta.

Na rubuta: "Baba, na farko alƙawarinka ne. Ka ɗauka cewa ba fetur ko gas a mangazar, kuma tukunyar kashe wuta biyu za su kasance a rataye suna aiki. Ba ranar sa hannu kaɗai ba, kullum. In aka saɓa, ba jarkokin kaɗai za a ƙi biya ba, kamfani zai iya ƙin biyan gobarar gaba ɗaya.

"Na biyu ƙa'idojin tafiyar da yarjejeniya ne. In wuta ta tashi, ka sanar da mu cikin kwana biyar na aiki. Ka ceci abin da za ka iya, amma kada a kwashe abin da ya ƙone kafin mai duba ɓarna ya zo. In ka canza abin da ake yi a ginin, ka gaya mana. Saɓa waɗannan ba ya nufin ba ka da inshora, amma in jinkirinka ya cutar da kamfani, zai iya rage biyan wannan asarar ko ya hana.

"Na uku abin da aka cire tun farko: ƙwari, ɓera, ambaliya. Nan babu abin da za ka kiyaye. Ko ka cika komai, ba sa cikin abin da ka saya."

Na ƙara da lambar shafin da kowane yake, na ce wasiƙar bayani ce, yarjejeniyar ita ce abin bi. Na ba direban motar Gazawa ya kai masa.

Mahaifiyata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo. Baba ya kira ƙanensa, ya karanta masa sakin layi na farko sau biyu, aka kwashe jarkokin a amalanke zuwa wani kango a bayan gari. Ƙanen ya yi fushi ƙwarai. Ya ce 'yar da aka yi wa suna a gabansa ce ta kore shi daga mangazar yayansa.

Da bazara, wuta ta tashi a dangar karan maƙwabci da tsakar rana, iska ta kai ta rufin mangazar. Mutane suka taru suka kashe, amma ɓangaren yamma ya ƙone. Kafin la'asar Baba ya kira ni a waya. Ya hana kowa share toka. Da mai duba ɓarna ya zo, ya zagaya ginin, ya duba tukwanen kashe wuta, ya tambayi maƙwabta abin da ake ajiyewa a ciki. Sannan ya ware wasu buhunan wake da wuta ba ta taɓa ba, ya farka ɗaya, sai gari da ƙwari. Ya ce waɗannan ba sa ciki. 'Yan kallo suka fara gunaguni, Baba ya ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi. Wannan na uku ne."

An biya abin da ya ƙone, aka sake rufi kafin ruwan farko. Ban ji kamar na yi wata bajinta ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata biyun nan da mutum ya yi yana kwana da natsuwa a kan takardar da na rubuta, da ba suna ya kai ni gida ba kuma da ban sani ba. Na buɗe akwatin fayil na ciro duk wasiƙun da na taɓa aikawa da kai guda, na sake su ɗaya bayan ɗaya. Wata mai injin niƙa a Cadakori ta amsa tata da saƙon murya, tana tambaya ko gas ɗin girki ma yana cikin alƙawarin. Na duba tata yarjejeniyar, yana ciki.

Ƙanen Baba ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata. Yanzu yana amsawa, a taƙaice.