Gonar da ke cikin wayar Yaya

Bayan sadakar arba'in ɗin yayata, Baba ya ce a rufe shafinta na sada zumunta. Bai so hotunanta su ci gaba da yawo tana kabari. Ita ce 'yar fari, ko sunanta ba ya kama, "yarinyar nan" yake cewa.

Ni kaɗai na san lambar sirrinta, don haka ranar kasuwa ya goya ni a babur daga Zoza zuwa Karaye, wajen wani mai gyaran waya.

A wayar akwai wasan gona da Yaya ta shekara uku tana yi. Tana da shanu da rumbu, ga wani layin furanni da ta shuka a karkace, ta ƙi gyarawa. Da ciwo ya kwantar da ita, ni nake yi mata girbi tana kallo. Bayan rasuwarta ban fasa ba.

Mai gyaran ya shiga saituna, ya buɗo jerin manhajoji da wasannin da ta shiga da shafin. Akwai na koyon ɗinki, da na gyaran hoto, da gonar a can ƙasa.

"Baba, waɗannan za mu fara cirewa," in ji shi. "Kowanne ta ba shi izinin ganin sunanta da hotonta. In an cire, ba zai ƙara ɗibar komai ba. Abin da ya riga ya ɗiba kuwa, sai an nemi masu shi su goge."

"A cire."

"Amma in akwai wanda ake so, a faɗa yanzu, in ɗaura shi a kan imel tukuna. Da shafin ake shiga, in ya tafi babu wata ƙofa." Ya dube ni. "Ƙanwata, wannan gonar ta fi ta Baba albarka fa. A bar ta?"

Baba bai yi dariya ba. Hoton Yaya yake kallo, ɗan ƙarami a saman allon, yana murza hularsa a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula a kasuwa ba. Na kasa cewa ina son wasa a gaban wannan fuskar. Na girgiza kai.

Mai gyaran ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa, sannan ya sa na rubuta lambar sirrin, ya tura buƙatar goge shafin. Ya ce akwai kwana talatin da za a iya fasawa.

A gida na buɗe wasan. Ya ce in shiga da shafi, ko in fara sabuwar gona a matsayin baƙuwa.

Lambar tana kaina, wayar tana cikin kwanon Inna. Sau biyu na kai wa Baba ruwan alwala da niyyar yi masa magana, sai in ajiye butar in juya. Ranar da kwana talatin ɗin suka cika muna makaranta, ana jarrabawar lissafi.